Ƙarin kuɗin intanet ko gyaran waifai: wanne ne zai kai sigina ɗakin Baba?

Duk wanda ya zama "injiniyan gida" a wurin iyayensa ya san wannan kiran. Baba yana ɗakinsa na can ƙurya, ana tsaka da kiran bidiyo da jikoki hoto ya daskare, murya ta rinƙa yankewa. Washegari sai ga saƙo daga kamfanin intanet cewa akwai tsari mai ninka gudu sau huɗu. Baba ya kira ka ya ce, "Kai, gobe ka je ka sauya mana zuwa babban nan, na gaji." Kai kuma ka san ba nan take ba, amma ka rasa yadda za ka faɗa ba tare da ya ɗauka rowa kake yi ko gardama ba.

Na sha wannan a gidanmu. Abin da na lura shi ne, bayani da baki kaɗai ba ya ratsa dattijo a irin wannan magana, domin a wurinsa lissafin a fili yake: abu ba ya gudu, ga mai sayar da gudu, me ya rage? Sai ka fara raba masa abu biyu da yake ɗauka ɗaya ne.

Hanya biyu ce, ba ɗaya ba

Intanet yana yin tafiya biyu kafin ya iso wayar Baba. Ta farko daga kamfani zuwa rautar da ke falo, wato na'urar da ke watsa waifai a gida. Wannan ce ake biya wa kuɗin wata, kuma ita kaɗai ce babban tsari yake faɗaɗawa. Ta biyu daga rauta zuwa waya, ta iska, wato waifai. Kamfani ba shi da hannu a wannan, tsakanin rauta ne da bangon gidanku. Gudun da waya za ta samu ba zai wuce na wadda ta fi rauni a cikin biyun ba.

Ga yadda na faɗa wa nawa mahaifin: "Baba, ku ɗauka ina zaune a falo ina karanta muku jarida, ku kuna ɗaki, ƙofa a rufe. Ba kwa jin muryata sosai, kuna ta cewa in maimaita. In aka kawo mini jaridu huɗu maimakon ɗaya, muryata za ta ƙaru?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "To sai dai ka matso." Duk maganin da za mu duba a ƙasa, in ka tace shi, wannan amsar tasa ce.

Misalin ma ya fi yadda nake zato dacewa, domin haka waifai yake yi. In sigina ta yi rauni, rauta da waya sukan rage saurin maganarsu don su fahimci juna, kuma abin da bai isa ba a sake aiko shi. Wannan maimaitawar ce ke daskarar da hoto.

A auna kafin a kashe ko sisi

Gani ya kori ji. Ka ɗauki wayar Baba da kanta, ba taka ba, domin wayoyi sun bambanta wajen kama sigina. Ka kashe datar layi don kada ta ruɗe ka. Ka buɗe fast.com ko Speedtest, masu auna gudun intanet, kana tsaye kusa da rauta, sannan ka sake gwadawa a bakin gadonsa, daidai inda yake zama. Ka bari ya ga lambobin da idonsa.

A gidanmu tsarin 50 Mbps muke biya. Kusa da rauta wayar ta nuna 48. A ɗakin Baba ta nuna 3, wani zubin ma ƙasa da haka. Sai na ce masa, "Kun ga kamfani ya kawo abin da muka biya har falo. Daga falo zuwa nan ne 45 suka zube. In mun sayi 200, za su iso falo, amma nan ɗakin 3 ɗin nan dai za ku ci gaba da gani."

In kana son ka ga dalilin a lamba, akwai manhajojin duba waifai da ke nuna ƙarfin sigina da ma'aunin dBm. Lambar da alamar ragi take zuwa, kuma duk yadda ta matso sifili ta fi ƙarfi. Daga -50 zuwa kusa da sifili sigina ce mai kyau ƙwarai. Wajen -67 ne iyakar da ake so don kiran bidiyo ya tafi lafiya. In ta kai -80, abin ya zama na jeka-ka-dawo. A kwamfuta mai Windows, wannan umarnin yana nuna ƙarfin sigina a kashi cikin ɗari, da gudun haɗin da ke tsakaninta da rauta:

```
netsh wlan show interfaces
```

Mu mun samu -42 a mita 2 daga rauta, da -79 a ɗakin, mai nisan kamar mita 16, bambancin 37 dB ke nan. Lissafin ba wuya. Ko a fili babu shinge, duk lokacin da nisa ya ninka, sigina tana rasa 6 dB. Daga mita 2 zuwa 4, zuwa 8, zuwa 16, nisa ya ninka sau uku, 18 dB ke nan. Sauran 19 ɗin bango biyu na bulo ne suka cinye, kusan 10 kowanne. Tunda kowane 10 dB ragi ne na ninki goma, abin da ke isa gadon Baba bai fi kashi ɗaya cikin 5,000 na abin da ake samu a falo ba. Babu adadin kuɗin wata da zai taɓa wannan lambar.

Ma'aunin da za mu ɗora kowane zaɓi a kai

Abu biyar nake dubawa. Na farko, kuma shi ne uba: shin zaɓin yana sosa inda ke ƙaiƙayi, wato yana ƙara sigina a ɗakin? Sai kuɗi, musamman bambancin abin da za a biya sau ɗaya da wanda za a yi ta biya duk wata. Sai ƙarko. Sai sauƙi, kuma ba sauƙin kafawa kawai nake nufi ba, har da ko dattijo zai iya zama da abin in ka yi tafiya, ba tare da ya kira ka duk mako ba. Na ƙarshe kasada: yiwuwar a kashe kuɗi a tashi a tutar babu.

Babban tsarin intanet

A sauƙi babu kamarsa, kira ɗaya ne ko danna waya, shi ya sa yake jan hankali. A kuɗi kuwa shi ne mafi tsada in aka daɗe, domin ƙarin ba ya ƙarewa. Ka ninka bambancin kuɗin wata sau 12, ka kwatanta da farashin kowace na'ura da ke ƙasa, za ka ga sau da yawa ƙarin shekara guda ya isa sayenta. Wani kamfanin kuma sai ka ɗaure kanka da yarjejeniyar watanni, komawa ƙaramin tsari ya zama aiki.

Kada dai a yi masa rashin adalci, yana da ranarsa. In gwajin kusa da rauta ya nuna kuna samun abin da kuke biya, amma da dare kowa ya kunna bidiyo sai gida duka ya tsaya cak har da na zaune a falo, to tsarin ne ya yi muku kaɗan. Kiran bidiyo ɗaya yana buƙatar kamar 3 zuwa 4 Mbps, fim mai hoto tangaran kamar 5, mai 4K kuma 15 zuwa 25. Gidan mutum shida a kan 10 Mbps zai ji jiki. Gidan mutum uku a kan 50 bai ma cinye abin da yake da shi ba.

Akwai tarko ɗaya da ya kamata ka sani, domin wata rana za a kafa maka hujja da shi. Wani zai ce shi da ya ƙara tsari ɗakinsa ya gyaru. Ka tambaye shi ko an sauya masa rauta a ranar. Galibi sabuwar rautar ce, ko sabon wurin da aka ajiye ta, ya yi aikin.

Matsar da rauta

Wannan ne na fi so a fara da shi, kuma shi aka fi rainawa, wataƙila don kyauta ne ko kusan kyauta. Masu haɗa intanet sukan ajiye rauta inda kebul ya shigo, sau da yawa a kusurwar gida, rabin siginar tana tafiya waje. Daga baya kuma a tura ta bayan talabijin ko cikin durowa don kada ta ɓata kwalliyar falo. Ƙarfe, madubi, firiji, tankin kifi da kankare mai rodi duk suna tare sigina.

Abin yi shi ne a kawo ta tsakiyar gida, a ɗaga ta sama da tsayin kafaɗa, a fili. Abin da ake ƙirgawa shi ne bango nawa ne a miƙaƙƙen layi tsakaninta da gadon, ba ta hanyar da mutum ke bi ba. In rauta daban take da akwatin da kamfani ya kafa, kebul mai tsawo kawai za ka saya ka haɗa su. In a haɗe suke kuma fayiba ce ta shigo, kada ka ja siririn kebul ɗin nan ko ka lanƙwasa shi, gilashi ne a ciki, yana karyewa. Ka kira kamfanin su matsar.

Mu da muka dawo da tamu cikin koridon, nisa ya koma kamar mita 8, bango ya zama ɗaya. Sigina ta tashi daga -79 zuwa -64, gudu daga 3 zuwa 38, a kan tsarin nan dai na 50.

Tare da wannan akwai gwaji na minti biyu. Yawancin rautoci suna watsa zango biyu, 2.4 GHz da 5 GHz. Na 5 ya fi gudu amma bango ya fi cinye shi, na 2.4 ya fi jure nisa. In sunayensu daban ne a waya, ka haɗa wayar Baba da na 2.4. Ka kuma gaya masa cewa "5G" da ke manne a ƙarshen sunan waifai ba shi ne 5G na layin waya ba, don kada ya mayar da kansa can yana ganin shi ne babba.

Iyakar wannan zaɓi a bayyane take: dogon gida, ko bene mai dakalin kankare, babu wuri guda da zai wadatar da ko'ina. Kana gyara ɗakin Baba, falo ya fara kuka.

Rifita, wadda ake kira ekstenda

Ƙaramar na'ura ce da ake cusawa a soket, ta kama waifai ta sake watsa shi. Ita ce mafi arha a cikin na'urorin, kuma ita ce ta fi jawo da-na-sani, ba don ba ta aiki ba sai don inda ake sa ta. Hankali yana ba mutum ya kai ta ɗakin da ke da matsala. Can kuwa raunanniyar siginar nan ta -79 za ta kama ta maimaita. Waya za ta nuna sanduna cike fal, bidiyo kuma yana nan yana juyawa. Wannan ya fi na da muni a wurin dattijo, domin yanzu ya ga sandunan sun cika, sai ya ƙara tabbata laifin kamfani ne. An gudu ba a tsira ba.

Wurinta tsakiyar hanya ne, inda sigina take da sauran ƙarfi, wajen -60 zuwa -65. Ko a nan, mai rediyo guda tana raba lokacinta tsakanin saurare da maimaitawa, don haka gudu yakan ragu da kusan rabi. Ga mai kiran bidiyo da sauraron labarai, rabin ya isa. Abin da ke gajiyarwa shi ne wasu suna zuwa da sunan waifai na daban, waya kuma takan maƙale wa na nesa ko da na kusa yana nan, sai an sauya da hannu.

Mesh

Na'urori ne biyu ko uku da aka ƙera su yi aiki tare da suna ɗaya, suna taimaka wa waya ta koma kan mafi kusa. A sauƙin zama da shi, ya fi kowanne: Baba ba zai taɓa komai ba. Tsadarsa ta ninka ta rifita, sau ɗaya dai ake biya. Masu zango uku sukan ware ɗaya don maganar da ke tsakanin na'urorin, shi ya sa ba sa zubar da gudu kamar rifita, amma sun fi tsada.

Kada sunan ya ruɗe ka, ba tsafi ba ne. In babu kebul a tsakaninsu, ta iska suke magana, kuma bangon da ya tare rauta zai tare su. Dokar tsakiyar hanya tana nan. Ka kuma duba tun kafin saye: da yawansu sai da manhaja da asusu ake saita su, kuma ƙarkonsu ya rataya ne a kan tsawon shekarun da kamfanin zai ci gaba da sabunta su.

Kebul zuwa ɗakin, da rauta ta biyu

In ana maganar aikin da za a yi a manta, wannan ne. A ja kebul na Cat5e ko Cat6 daga babbar rauta zuwa ɗakin ko bakin ƙofarsa, a haɗa wata na'urar waifai a can. Kebul ɗin yana ɗaukar 1 Gbps har tsawon mita 100, kuma bango bai dame shi ba. Ko tsohuwar rauta da ke ajiye za ta iya aikin, in ka sa ta a yanayin da ke rubuce a saitinta da `Access Point` ko `AP mode`. In ba ta da shi, ka kashe `DHCP` ɗinta ka cusa kebul a ramin `LAN`, in ba haka ba rautocin biyu za su yi ta karo wajen raba adireshi. Ka ba ta suna da kalmar sirri iri ɗaya da na babbar, amma tasha daban. A zangon 2.4 GHz, tashoshi 1, 6 da 11 ne ba sa hawa kan juna.

Kayan ba su da tsada, wahalar a aikin take: huda bango, bin gefen silin, da shawo kan Mama cewa ba za a ɓata mata fenti ba. In gidan haya ne kuma sai da izinin mai gida.

Akwai ɗan'uwansa na masu gudun huda bango, wato fawalayin, na'urori biyu da ke aika intanet ta wayoyin wutar gida. Wani gidan ya yi kyau, wani ya ƙi sam, ya danganta da tsufan wayarin da yadda aka raba layukan wuta. A soket na bango kai tsaye ake sa su, ba a kan ekstenshan ba, kuma gudun da ke rubuce a kwali ba shi za ka gani ba. Kada ka saya sai inda za a karɓa in bai yi ba.

Sabuwar rauta "mai ƙarfi" mai eriya shida fa? In taku ta tsufa sosai za ta ɗan taimaka. Sai dai hukumomi sun ƙayyade ƙarfin da waifai zai watsa, kuma magana ce ta ɓangare biyu: ko rauta ta yi ihu, ƙaramar eriyar waya ce za ta amsa ta cikin bangon nan.

| Zaɓi | Yana ƙara sigina a ɗakin? | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Kasada |
|---|---|---|---|---|---|
| Babban tsari | A'a | Ƙari duk wata | Muddin ana biya | Mai sauƙi ƙwarai | Babba: a biya ba canji |
| Matsar da rauta | E, in gidan bai yi tsawo ba | Kyauta ko kuɗin kebul | Dindindin | Aikin awa guda | Kaɗan |
| Rifita | E, in tana tsakiya | Kaɗan, sau ɗaya | Matsakaici | Sai an riƙa lura | Sanduna cike, gudu babu |
| Mesh | E | Mai yawa, sau ɗaya | Shekaru | Mai sauƙi bayan saiti | Bango mai kauri |
| Kebul da rauta ta biyu | E, fiye da duka | Matsakaici, da ladan aiki | Mafi daɗewa | Wahala ranar farko | Kaɗan |
| Fawalayin | Ya danganta da wayarin | Matsakaici | Matsakaici | Mai sauƙi | Zai iya ƙin aiki |

Wanne ya dace da wa

In gudu ya yi kyau kusa da rauta ya faɗi a ɗaki, kuma gidan hawa ɗaya ne mai matsakaicin girma, ka matsar da rauta ka sake aunawa kafin ka sayi komai. In hakan ya kai siginar ɗakin kusa da -67, ka gama.

In ɗaki ɗaya ne kawai ya rage, buƙatar kuma ba ta wuce kira da saƙonni ba, kuɗi kuma a ƙididdige suke, rifita a korido za ta fitar da kai. In iyayen su kaɗai ne a gidan kai kana nesa, kuma ɗakuna da dama ne ke fama, mesh ya cancanci kuɗinsa saboda ba ya buƙatar mai gadi. In gidan naku ne, bangon kankare ne ko bene, ko akwai mai aiki daga wannan ɗakin kullum, ka daure ka ja kebul. In ma za ka sayi mesh daga baya, wannan kebul ɗin zai haɗa na'urorinsa ya ƙara musu gudu. Fawalayin na ɗan haya ne da aka hana huda bango.

Babban tsari kuwa na gidan da gudu ke ƙarewa ne tun a falo saboda yawan masu amfani. In ma kusa da rauta ba ku samun ko rabin abin da kuke biya, kuma kun gwada da kebul abin bai sauya ba, wannan ƙorafi ne za ku kai wa kamfani su gyara layinsu, ba ƙarin kuɗi za ku ba su ba.

In Baba ya dage duk da haka, kada ka ja da shi. Ka ce, "Baba, ku ba ni mako ɗaya. In na matsar da ita kiran bai gyaru ba, ni da kaina zan je in sauya tsarin." Ka rubuta lambar gwajin farko a takarda ka ajiye masa a gefen gado, ka nuna masa inda zai danna ya auna da kansa.